Sakan Arba'in da Ɗaya na Yaya Sakan

Shekara tara muna zaune ni da ita a ɗaki ɗaya, teburina na jikin taga, nata na jikin ƙofa, fanka ɗaya ce a tsakaninmu, ita ma sai an zungure ta da tsintsiya take tashi. Ni aikina yanka bidiyo da haɗa shi, shi ya sa take ce mini Malam Yanka. Ita kuma aikinta sa rubutun nan da ke fitowa a ƙasan hoto, wanda kurma ko wanda bai jin yaren yake karantawa. Sunan da kowa ya san ta da shi a gidan namu na ɗaukar bidiyo shi ne Yaya Sakan, domin matar nan za ta iya ɓata da kai kwana biyu a kan rabin sakan. A kan sakan ɗin ne kuma ta rasa kujerarta tana da shekara hamsin da takwas, shekarun da babu mai ɗaukar mutum sabon aiki.

Kafin ta zo wurinmu ta yi shekara goma sha tara tana buga takardu a kotu. Da aka kwashe tsofaffin injinan buga rubutu aka kawo kwamfuta, abokan aikinta suka ce su kam sun tsufa da koyo. Ita ta sayi littafi, ta sa 'yarta ta fari ta zauna kusa da ita, cikin wata uku ta fi 'yar sauri. Gajeriya ce, da tabarau mai igiya, da wata tsohuwar na'urar sauraro da take ɗorawa a kan ɗankwali, an naɗe kunnenta na hagu da salatif. Duk wanda ya taɓa wannan abin sauraro ya taɓo wa kansa rigima. Mijinta tsohon direba ne da ciwon baya ya zaunar a gida, autarta kuma tana makarantar koyon jinya. Ita ce ginshiƙin gidan, ko da yake ba ta taɓa faɗa da bakinta ba.

Mutane suna ɗauka aikin nata kwafe rubutu ne kawai. Sai dai ka tsaya a bayanta ka gani. Za a kawo mata takardar da aka rubuta duk abin da aka faɗa a bidiyo, wane ya ce, wance ta ce, babu lokaci a jiki. Ita za ta tsinka maganar gunduwa-gunduwa. Kowace gunduwa da lambarta a sama, daga ɗaya har ƙarshe. A ƙarƙashin lambar sai lokacin da rubutun zai bayyana da lokacin da zai ɓace, da 'yar kibiya a tsakani: awa, minti, sakan, sai waƙafi, sai kashi dubu na sakan. A ƙarƙashi sai maganar, layi ɗaya ko biyu, kada layi ya wuce harafi arba'in da biyu. Sai a bar layi ɗaya fanko, a shiga ta gaba. Wannan shi ne fayil ɗin da ake kira SRT, rubutu ne zalla, ko yaro zai iya buɗe shi ya karanta. Amma ka manta layin nan na fanko, ko ka ɓata kibiyar, sai ka ga gunduwa ta ɓace ko biyu sun manne. In kuma ka adana shi ba a tsarin da ya san haruffanmu masu ƙugiya ba, duk ɗ da ƙ da ɓ sai su koma wasu ƙwari a kan allo.

Akwai manhajar da ke jera lokutan da kanta, Oga, mai gidan namu, ya saka mana ita yana ta murna. Yaya Sakan takan bar ta ta yi nata, sannan ta bi ta gunduwa bayan gunduwa tana kallon zanen sautin da ke hawa da sauka a ƙasan allo, tana ja baya, tana sake saurare, tana tsaki.

"Wannan abin naku gaggawa gare shi kamar mai jin fitsari," in ji ta. "Mutum bai buɗe baki ba ya riga ya tona masa ciki."

Dokarta ke nan guda ɗaya da ba ta sayarwa: rubutu ba ya riga baki. Na daɗe ina yi mata tsiya a kai, har wata rana da wuta ta ɗauke muna zaune muna fifita da kwali ta ba ni labarin. Mahaifinta injin niƙa ya yi wa aiki har ƙarar ta cinye masa kunne. In an kunna talabijin a tsakar gida, ita take zama kusa da shi da bayan littafin makaranta tana rubuta masa abin da ake faɗa. Kullum sai kowa ya gama dariya sannan shi ya fara tasa. Abin yana damunta. Wata rana aka maimaita wani shiri da ta taɓa gani, sai ta yi dabara, ta rubuta masa ƙarshen barkwancin tun kafin a kai wurin. Tsoho ya tuntsire da dariya shi kaɗai, tsakar gida tsit, baƙi suna kallonsa. Da suka watse ya kira ta.

"Ya ce mini, 'Yar nan, gara in makara da in riga. In na makara kurma ne ni, kowa ya sani. In na riga, mahaukaci kika mai da ni.' Malam Yanka, tun daga ranar ban ƙara sa wa wani magana a baki kafin ya faɗe ta ba."

Aikin da ya kawo rigimar daga wata masaƙa ya zo, wadda ita ce babbar mai ba mu aiki, duk tallanta da bidiyon taronta mu muke yi. Shekara biyu kafin nan tukunyar tururinsu ta fashe. Ba a rasa rai ba, amma ma'aikata goma sha ɗaya sun rasa jinsu, wasu ɗungurungum. Aka kafa kwamiti, aka zauna, aka yi wa manajan masaƙar tambayoyi na awa ɗaya da rabi, aka ɗauka da kyamara guda da aka kafa a can bayan zaure. Daga wannan nisa kana ganin mutane a zaune, amma ba ka ganin motsin leɓe. Yanzu an kawo wa ma'aikatan takardar sulhu, wadda a cikinta za su amince cewa tsautsayi ne, babu wanda ya san tukunyar ta lalace. Su kuma suka ce ba za su sa hannu ba sai sun ga zaman da idonsu, tunda sun zauna a ciki ba su ji komai ba.

Lauyoyin ɓangarorin biyu suka yi yarjejeniya. Bidiyo ba za a yanke ko ƙiftawa ɗaya ba. Takardar maganar an riga an tantance ta, ba za a ƙara kalma ba, ba za a rage ba. Wanda ya jera lokutan kuma zai sa hannu cewa sun dace da sautin. Lauyar ma'aikatan ta san Yaya tun zamanin kotu, ita ta ce sai dai ita, ɗaya ɓangaren kuma bai ga abin ƙi ba. Tsohuwa mai tabarau, me za ta iya?

Kwana huɗu ta yi a kai, gunduwa ɗari shida da goma sha biyu. Rana ta biyar jami'in masaƙar ya zo dubawa. Mai Jaka muke ce masa, don ko bayan gida zai shiga sai da jakarsa. Mutum ne mai fara'a da turare, ya gaida kowa har da mai shara. Oga ya ja masa kujerata, ni na tsaya. Ya yi ta gungura fayil ɗin yana gyaɗa kai, har ya iso nan:

417
00:52:10,200 --> 00:52:13,400
Ka san tukunyar ta lalace kafin ranar?

418
00:52:54,600 --> 00:52:56,300
Ban sani ba.

Shugaban kwamiti ne ya yi tambayar, manaja ya ba da amsar. A takarda layi biyu ne, ɗaya a kan ɗaya, kamar gaisuwa da amsawa. A sauti kuwa, tsakanin ƙarshen tambayar da farkon amsar akwai sakan arba'in da ɗaya da 'yan kai. Na saurara da kunnena. Babu komai a ciki sai ƙarar fanka, da kofi da aka ɗauka aka ajiye, da wani da ya yi tari. Zanen sautin ya kwanta shamal kamar igiyar shanya.

"Hajiya, aiki ya yi kyau ƙwarai," in ji Mai Jaka. "Ɗan gyara ne kawai a nan. A haɗa waɗannan biyun su zama gunduwa ɗaya, tambaya a sama, amsa a ƙasa, kowanne da 'yar sandar nan a gaba mai nuna an canza mai magana. Ai na ga kin yi haka a wurare da dama."

"Na yi," in ji ta. "Inda amsa ta hau kan tambaya, babu lokacin da za a raba su."

"To, ai shi ke nan. Don sauƙin karatu. Kin ga bayin Allahn nan, a bar musu allo wayam kusan minti guda, sai su ɗauka na'ura ta lalace."

"Sai su jira. Mu ma da muke da kunne jira muka yi."

Ya yi murmushi, ya gyara zaman jaka a cinya. "Hajiya, kalma ɗaya ban ce a canza ba. Ya faɗa ko bai faɗa ba?"

"Ya faɗa, ranka ya daɗe. A minti na hamsin da biyu da sakan hamsin da huɗu. In na ɗauko ta na kai sakan goma, na ce ya faɗa nan take ke nan, da bakina ba da nasa ba."

Gaskiya ni a lokacin haushinta na ji. Ina tsaye ina cewa a raina, wace irin taurin kai ce wannan, sakan arba'in ɗin banza, a kansa za ki ja mana fushin mutanen da ke riƙe da gidan nan? Sai daga baya na gane abin da ta gani tun kallon farko. Wanda yake ji, ya ji mutum ya yi tsit har zaure ya fara motsi, ya san abin da ya ji. Wanda ba ya ji, kuma ba ya ganin leɓe, ba shi da agogo sai rubutun nan. In tambaya da amsa suka faɗo masa tare, to ya ga mai gaskiya ya amsa ba tare da ƙiftawa ba, sauran lokacin kuma sai ya ɗauka ana jujjuya takardu ne.

Oga ya ja ta waje, amma bangon namu katako ne, duk muna ji.

"Yaya, don girman Allah. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mutanen nan su ne mu."

"Na yi musu askin ai. Kai dai so kake in yanke kunnen wani in haɗa."

"Mu goma sha huɗu ne a gidan nan, kowa da iyali."

"Su goma sha ɗaya ne, su ma kowa da iyali."

"To ki sa musu kalmar shiru a tsakani mana, kowa ya huta. Ai ana yi."

"Da son raina ne da na sa. Lauyoyi ne suka ce ba ƙari ba ragi, na bi. Wanda ya hana ni ƙara kalma bai isa ya sa ni matsar da lokaci ba."

Da suka dawo fuskar Oga ta haɗe. Ya dube ni ya ce, "Kai, buɗe fayil ɗin ka haɗa su."

Ina jin kunyar faɗa, amma na zauna na buɗe kwafinsa. Aikin bai kai minti ɗaya ba. Na goge lamba da layin lokaci, na ɗaga amsar sama, na sa sanduna biyu, manhaja ta sake jera lambobin da kanta, ɗari shida da goma sha biyu suka koma da goma sha ɗaya. Ban ɗaga kai na dube ta ba. Oga ya tura mata takardar shaida da biro.

Ta cire tabarau ta bar shi yana lilo a ƙirjinta. "Wannan ba nawa ba ne. Nawa ɗari shida da goma sha biyu ne. Malam Yanka ya sa hannu a nasa."

"Sunanki ne a yarjejeniya," in ji Oga.

"To ashe ka san amsar."

Mai Jaka ya rage murya, ya ce ta yi tunani, shekarunta sun ja, wurin zama irin wannan ba a tsintarsa a hanya. Wannan maganar ce ta ƙarasa kunna ta. Ta miƙe, duk tsawonta bai kai kafaɗarsa ba.

"Ɗana, na buga hukuncin mutanen da suka fi ubangidanka tsawon mota, ban taɓa matsar da waƙafi don wani ya ji daɗi ba. In kuna son wani ya sa hannu, ku je ku gaya wa lauyarsu an canza mutum. Za ta tambaye ku dalili. In ba ku da amsa ku turo ta wurina, ni ba na ɗaukar sakan arba'in kafin in amsa."

A nan suka maƙale. Canza mai sa hannu zai fi tona musu asiri a kan barin gunduwar yadda take. Mai Jaka ya fita ya yi waya, ya dawo babu fara'ar, ya ce a miƙa nata fayil ɗin. A bakin ƙofa ya gaya wa Oga, da muryar da kowa zai ji, cewa masaƙa za ta ci gaba da aiki da mu, amma ba da hannun wannan matar a ciki ba. Oga bai ko kai yamma ba ya kira ta ofis. Ta fito ta ce mini, "Ƙarshen wata zan tafi. Ka ci fanka kai kaɗai." Na rasa inda zan sa fuskata. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Kai mai yanka ne, yanka ka yi. Amma ka goge wancan da ka haɗa, kada ya ɓata ya shiga hannu." Na goge a gabanta.

Ranar nunawa ni aka tura da na'urar haskawa, ita kuma ta zo a matsayin mai shaida. Wani ɗakin taro ne mai kujerun roba, an rufe tagogi da labule saboda hasken rana. Su goma sha ɗayan suna layin gaba, matansu da 'yan'uwansu a baya. A tsakiyarsu akwai wani dattijo da suke kira Dogo, shi ne mai kula da tukunyar shekara ashirin, shi ya fi kowa kusa da ita ranar. Yana riƙe da ƙaramin littafi da fensir, da su yake hira yanzu.

Minti hamsin suna karatu babu mai motsi. Sai tambayar ta fito, ta yi sakan uku, ta ɓace. Allo ya rage hoto kawai, mutane ƙanana a zaune a nesa.

Sakan biyar, goma. Wani a layin gaba ya waiwayo ya dube ni. Wani ya ɗaga hannu yana nuna na'ura, alamar ta lalace. Dogo ya juyo gaba ɗaya, ya ɗaga murya fiye da kima irin ta wanda ba ya jin kansa. "Rubutu ya tsaya! A gyara!"

Na kai hannu zan taɓa, don kawai in nuna ina wani abu. Yaya ta buge mini hannu. Ta dubi Dogo, ta girgiza kai, ta ɗora yatsa a kan leɓenta, sannan ta nuna manajan da ke cikin hoton.

Na ga lokacin da abin ya shige shi. Ya juya a hankali ya fuskanci allo. A can cikin hoton ɗan ƙaramin mutumin ya ɗauki kofi, ya ajiye, ya gyara zama. Dogo ya fara buga fensir a gwiwarsa, ɗaya bayan ɗaya. Na kusa da shi ya kama, da tafin hannu a kan kujera. Kafin a jima layin gaba duka suna bugawa tare, su da ba sa jin bugun, mu da muke ji tsigar jikinmu na tashi. Ban taɓa sanin sakan arba'in yana da tsawo haka ba, ni da nake yanka shi kullum in zubar. Da "Ban sani ba" ta fito, bugun ya tsaya cak. Dogo ya rufe littafinsa.

Ba su sa hannu ba. Abin da ya biyo baya na lauyoyi ne, har yanzu ana kai, ban kuma san inda zai ƙare ba. Yaya dai ba ta dawo kujerarta ba. Tana gida, ta kafa tebur a ɗakin da mijinta yake kwance, tana karɓar ƙananan ayyuka, wa'azi da darussan makaranta, wani watan a samu wani watan a rasa. Ta tafi da abin sauraronta mai salatif. Wanda aka ɗauka a madadinta yana barin manhaja ta yi komai, ba ya faɗa da kowa, ni kuma na rasa abokin faɗa.

Amma abin da ya tsaya mini shi ne bayan an kunna fitilu a ranar. Ina naɗe waya, Dogo ya zo wurinta ya rusuna, ya miƙa mata littafin. Ya rubuta: Nawa ne? Ta karɓi fensir ta rubuta masa lokutan biyu cif, da waƙafinsu, ta ja layi, ta sa 41 a ƙasa. Ya daɗe yana kallo.

"Yaya," ya ce da babbar muryar nan tasa, "sau biyu na kai wa manajan nan takarda a kan tukunyar nan, hannu da hannu. Shekara biyu kowa yana rubuta mini cewa ya ce bai sani ba. Har na fara zargin kaina, ko ban kai ba ne, ko fashewar ta taɓa mini ƙwaƙwalwa. Babu wanda ya rubuta mini tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya ce."

Ta sa tabarau ta cire, ta sake sawa. Sannan ta jawo littafin ta rubuta masa da manyan haruffa: Ƙwaƙwalwarka lafiya lau take, Baba.